Hanyar ƙarin ma'auni: tambayoyi da amsoshi kan auna sinadari idan samfur na dagula sigina

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suke yawan yi a kan hanyar ƙarin ma'auni, wadda a manhajar na'urori da dama za ka ga an rubuta ta da sunan `Standard Addition`. Misali guda ɗaya za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe, wato auna jan ƙarfe a cikin ruwan da ke da gishiri da yawa, da na'urar AAS mai harshen wuta, wadda ke auna yawan hasken da ƙarfe ya zuƙe a cikin wutar. Lambobin misalin na koyarwa ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili.

Wace matsala ce wannan hanya take magancewa?

Na'ura ba ta faɗa maka yawan sinadari kai tsaye. Sigina take ba ka, kamar yawan hasken da aka zuƙe, ko ƙarfin lantarkin da ya wuce. Kai ne za ka mayar da siginar ta zama miligiram a kowace lita, ta hanyar kwatanta ta da ruwan ma'auni, wato ruwan da ka riga ka san yawan sinadarin da ke cikinsa. A aikin yau da kullum ana haɗa ruwan ma'auni huɗu ko biyar a tataccen ruwa, a auna su, a ja layi, sannan a duba inda siginar samfur ta faɗa a kan layin.

Wannan yana tafiya daidai ne kawai idan sinadarin yana ba da sigina iri ɗaya a tataccen ruwa da kuma cikin samfur. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Samfur yana zuwa da tarkacensa: gishiri, furotin, mai, asid, da wasu ƙarafa. A nan za mu kira duk waɗannan da sunan gaurayen samfur. A na'urar AAS, ruwa mai kauri ba ya hawa bututu da sauri kamar tataccen ruwa, kuma ɗigon da mafeshi ke fitarwa yakan fi girma, don haka jan ƙarfen da ke isa harshen wuta a kowace daƙiƙa ya ragu. Miligiram ɗaya a lita da zai ba da 0.075 a tataccen ruwa sai ya ba da 0.060 a ruwan gishiri. Idan ka karanta wannan da layin tataccen ruwa, amsarka za ta gaza da kashi ashirin cikin ɗari, kuma babu abin da zai nuna maka a allon na'ura.

Dabarar ita ce a daina haɗa ma'auni a waje. A zuba shi a cikin samfurin kansa, domin duk abin da ke danne siginar jan ƙarfen asali ya danne ta wanda aka ƙara daidai wa daida.

Ta yaya ƙara abin da nake nema zai nuna min yawan wanda ke ciki tun farko?

Ka ɗauka kana da sikeli mai waya mai miƙewa, amma lambobin jikinsa sun goge. Ka rataya kaya, waya ta miƙe santimita 9. Ba ka san nauyin ba. Sai ka ɗora kilo ɗaya a kan kayan, waya ta ƙara santimita 6. Yanzu ka san cewa a wannan sikelin kowane kilo santimita 6 ne, saboda haka kayan kilo ɗaya da rabi ne.

Haka lissafin yake. Ƙarin da ka yi shi ke gaya maka yadda na'ura ke amsa kowane miligiram a cikin wannan samfur ɗin takamaimai. Da zarar ka san wannan, sai ka raba siginar farko da shi.

Yaya ake haɗa kwalaben?

Ka samu kwalaben awo biyar, kowace mai cin mililita 50. A kowace ka zuba mililita 10.0 na samfur da fifet ɗaya, ba tare da canza shi ba. Ka tanadi ruwan ma'auni na jan ƙarfe mai miligiram 20 a lita. Kwalba ta farko ba a zuba mata ma'auni. Ta biyu a zuba mililita 2.5, ta uku 5.0, ta huɗu 7.5, ta biyar 10.0. Sannan a cika dukkansu zuwa zanen wuyan kwalba da ruwa iri ɗaya, galibi tataccen ruwa mai ɗan asid na naitirik, a girgiza sosai.

Cikawar nan zuwa awo ɗaya ita ce ƙashin bayan aikin. Da ita ne gishirin da ke kowace kwalba yake zama daidai da na sauran, ta yadda abu ɗaya kaɗai ya bambanta su, wato jan ƙarfen da ka ƙara. Idan ka manta ka cika, kwalba ta biyar za ta fi ta farko tsarma, gishirinta ya yi sauƙi, dannewar ta ragu, kuma ka rushe sharaɗin da hanyar ta dogara a kai.

Ƙarin da ke kowace kwalba ana lissafa shi bisa awon ƙarshe. Mililita 2.5 sau 20, a raba da 50, ya ba da miligiram 1 a lita. Sauran kuwa 2, 3 da 4. An kunna fitilar jan ƙarfe a tsawon zango 324.8 nm, an saita sifili, ga abin da aka karanta:

```
ƙari (mg/L)   sigina
0             0.090
1             0.151
2             0.209
3             0.271
4             0.329
```

Daga nan yaya zan fitar da amsa?

Ka zana ƙari a kwance, sigina a tsaye. Ɗigo biyar ɗin za su jeru a kan layi miƙaƙƙe, amma layin ba daga sifili ya tashi ba, domin ko kwalbar da ba a ƙara wa komai ba tana da jan ƙarfenta na asali. Ka ci gaba da jan layin baya, zuwa hagu, har ya taɓa layin kwance. Nisan da ke tsakanin wannan wuri da sifili shi ne yawan jan ƙarfen da ke cikin kwalbar. Lambar za ta fito da alamar ragi a gabanta, kada wannan ya dame ka, girmanta ake so.

Ba sai ka yi da rula ba. Idan ƙari yana layin A, sigina tana layin B a Excel:

```
m  =SLOPE(B2:B6,A2:A6)
b  =INTERCEPT(B2:B6,A2:A6)
Cx = b / m
```

A misalinmu hawan layi, wato m, ya fito 0.0598. Mafarin layi, wato b, ya fito 0.0904. Idan aka raba, ana samun miligiram 1.51 a lita.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa su rubuta amsa, alhali saura mataki ɗaya. Wannan 1.51 na cikin kwalba ne, bayan an tsarma mililita 10 zuwa 50. Sai an ninka sau biyar kafin a koma ga samfurin asali, wanda ke da miligiram 7.56 a lita.

Yanzu kwatanta da abin da layin tataccen ruwa zai ba ka. Hawansa 0.075 ne. Raba 0.090 da 0.075 ya ba da 1.20, sau biyar ya zama 6.0. Bambancin da ke tsakanin 6.0 da 7.56 ba kuskuren hannu ba ne, kuma maimaita awo sau goma ba zai rage shi ba. Aikin gishirin ne.

Ta yaya zan san ina bukatar wannan hanya tun farko?

Ka kwatanta hawan layuka biyu, na tataccen ruwa da na cikin samfur. Idan sun yi kusan daidai, gaurayen samfur ba ya taɓa siginarka, kuma wahalar kwalabe biyar ba ta da amfani. A misalinmu 0.0598 a kan 0.075 kusan kashi 80 ne cikin ɗari, wanda ke nuna dannewa a fili.

Akwai gwaji mafi sauri. Ka tsarma samfur ninki biyu, ka auna da layin tataccen ruwa, ka ninka amsar. Idan amsa tana hawa duk lokacin da ka ƙara tsarmawa, alama ce cewa wani abu a cikin samfur yana danne sigina, kuma ruwan da kake ƙarawa yana sassauta shi.

Shin tana gyara kowace irin katsalandan?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Katsalandan iri biyu ce. Akwai wadda ke canza hawan layi, wato ta rage ko ta ƙara siginar kowane miligiram da kaso ɗaya. Akwai kuma wadda ke ɗaga layin gaba ɗaya sama, domin wani abu dabam yana ba da tasa siginar ko da babu jan ƙarfe ko kaɗan. Ƙarin ma'auni ta farkon kawai yake gyarawa. Ta biyun kuwa bai ma san tana nan ba. Stephen Ellison da Michael Thompson sun yi bayani a kan wannan rabuwa a mujallar Analyst a 2008, domin an daɗe ana ɗaukar hanyar a matsayin maganin komai.

Mu koma ga sikelin nan. Idan kayan a cikin kwando suke, ɗora kilo ɗaya zai gaya maka santimita nawa ne kilo, amma ba zai cire maka nauyin kwando ba.

A ruwan gishirinmu haɗarin na gaske ne. Ƙwayoyin gishiri da ba su narke sarai a cikin wuta ba suna warwatsa haske, wasu kuma suna zuƙar sa, na'ura kuma ta ƙirga hakan a matsayin jan ƙarfe. Ka ɗauka 0.015 daga cikin kowace sigina daga nan ta fito. Duk kwalabe biyar suna ɗauke da wannan 0.015, don haka layin yana nan miƙe tsaf, hawansa bai canza ba. Sai dai mafarin gaskiya 0.0754 ne, ba 0.0904 ba. Amsar gaskiya kenan 6.3 ce, kai kuma ka rubuta 7.56, ka wuce da kashi ashirin cikin ɗari. Ka gudu daga kuskuren gazawa ka faɗa na wucewa, kuma zanen da ke gabanka ba shi da aibi ko ɗaya.

Maganin wannan a wajen na'ura yake. A AAS sai a kunna gyaran bayan fage, wato cire siginar da ba daga sinadarin da ake nema ta fito ba, ko da fitilar dutiriyam ko da tsarin Zeeman. A ICP-MS, na'urar da ke bambance sinadarai bisa nauyinsu, sanannen misali shi ne asanik, wanda ake aunawa a nauyi 75. Idan samfur na da kuloraid da yawa, agon mai nauyi 40 yana haɗuwa da kulorin mai nauyi 35, su ba da sigina a daidai 75 ɗin. Ko ka ƙara asanik sau ashirin ba za ka raba su ba. Sai da ɗakin karo mai iskar hiliyam, ko lissafin gyara, ko a cire kuloraid ɗin tun kafin awo. A kuromatogirafi kuma, idan wani abu ya fito lokaci ɗaya da wanda kake nema, tsarin rabuwar za ka gyara.

Nawa ya kamata in ƙara?

Abubuwa biyu ne ke jan ka, kowane ta ɓangarensa. Idan ƙarin ya yi kaɗan, bambancin sigina zai yi ƙanƙanta, ƙaramin kuskure ya zama babba. Idan ya yi yawa, za ka fita daga inda na'ura ke amsawa a miƙe.

Duba na farkon da lambobi. Idan da kwalba ta farko da ta biyu kaɗai ka yi aiki, bambancinsu 0.061 ne, amsa 1.48. Kuskuren 0.002 kacal a karatun kwalba ta biyu zai mayar da ita 1.43. Idan kuwa da ta farko da ta biyar ka yi, bambancin 0.239 ne, amsa 1.51, kuma wannan kuskuren na 0.002 zai mayar da ita 1.49 ne kawai. Babban ƙari ya fi tsayar da layi.

Shi ya sa ake fara auna samfur da layin tataccen ruwa don a san wajejen da yake. Amsar ba daidai ba ce, amma ta isa ta nuna hanya. Daga nan sai ka tsara yadda ƙarin da ya fi kowane girma zai ninka siginar farko sau uku, ko huɗu, ko ma fiye, muddin layi bai fara lanƙwasa ba. Ka tuna kuma cewa kwalba ta biyar ba 4 take ɗauke da shi ba. Tana da 4 da ka ƙara, da 1.5 na asali, jimla 5.5, kuma wannan jimlar ce ya kamata ta zauna cikin iyakar na'ura.

Me zai faru idan layin ya lanƙwasa?

Amsa takan fito sama da gaskiya, kuma da yawa. Dalili shi ne a wannan hanya ba a tsakiyar ɗigogi kake karanta amsa ba. Kana jan layi ne zuwa wurin da ba ka auna komai ba, don haka ɗan karkata a dama yakan zama babban tazara a hagu.

Ka ɗauka kwalabe biyu na ƙarshe sun ba da 0.262 da 0.308 saboda na'ura ta fara ƙoshi. Hawan layi zai sauka zuwa 0.0547, mafarinsa ya hau zuwa 0.0946, amsa ta zama 8.65 a maimakon 7.56. Abin da ya kamata ya tsorata ka shi ne `R²` na wannan layin, wato lambar da ke nuna yadda ɗigogi suka dace da layi, wadda cikarta 1 ce, 0.997 ne. Wanda ya dogara da wannan lamba kaɗai zai sa hannu a takarda hankalinsa kwance.

Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce duba tazarar da ke tsakanin kwalabe a jere. A lafiyayyen layi mun samu 0.061, 0.058, 0.062, 0.058, suna hawa suna sauka ba tsari. A lanƙwasasshe kuwa 0.061, 0.058, 0.053, 0.046, kullum raguwa suke yi. Idan ka ga haka, kada ka yi ta goge ɗigo har layin ya yi maka kyau. Ka ƙara tsarma samfur, ka rage ƙarin, ka sake haɗawa.

Ƙari guda ɗaya ya isa, ko dole sai biyar?

Idan ka riga ka tabbatar a wani gwaji na daban cewa na'ura na amsawa a miƙe a wannan zangon, kuma a irin wannan samfurin, ƙari ɗaya babba ya isa. Muddin awon ƙarshe na kwalaben biyu ɗaya ne, lissafin shi ne:

```
Cx = Cs × S0 / (S1 − S0)
```

A nan S0 siginar samfur ce ba ƙari, S1 siginarsa bayan ƙari, Cs kuma yawan da aka ƙara bisa awon ƙarshe. A ra'ayina, ga samfurin da ka saba da shi, gara ka maimaita kwalabe biyun nan sau uku-uku da ka haɗa shida daban-daban. Amma ɗigo biyu kullum layi miƙaƙƙe suke bayarwa, ba za su taɓa nuna maka lanƙwasa ba. Sabon samfur yana bukatar ɗigo huɗu ko biyar.

A wajenmu a cikin kofi ɗaya ake ta ƙarawa. Lissafin ɗaya ne?

Wannan shi ne al'ada a awon lantarki, kamar auna darma ko kadmiyam da boltametiri, kuma a wannan fannin ne ma hanyar ta fara fitowa: ana danganta bayaninta na farko ga Hans Hohn a 1937, a aikinsa kan folarogirafi. Ana zuba samfur a kofin awo, a karanta, a ɗiga ma'auni, a sake karantawa, a ci gaba.

Bambancin shi ne awon ruwan yana ƙaruwa da kowane ɗigo, don haka sinadarin asali yana tsarmuwa. Ana gyara wannan kafin a ja layi:

```
y = S × (V0 + Vs) / V0
x = Cs × Vs / V0
```

V0 awon farko ne, Vs jimlar abin da aka ƙara zuwa wannan matakin, Cs kuma yawan sinadari a ruwan ma'aunin kansa. Sai dai lissafi ba ya gyara tsarmuwar gaurayen samfur. Saboda haka ana amfani da ma'auni mai ƙarfi a ɗiga kaɗan, misali maikurolita 100 a cikin mililita 10, wanda kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari.

Masu aiki da sandar lantarki mai zaɓen sinadari, irin ta fuloraid, su lura cewa siginarsu ba ta tafiya a miƙe da yawan sinadari. Tana canzawa da kimanin milibolt 59 duk lokacin da yawa ya ninka sau goma, a zafin digiri 25. Ba a zana milibolt kai tsaye a ja layi baya, sai an juya shi tukuna.

Ina matsayin holoko a nan?

Holoko shi ne ruwan da ya bi duk matakan da samfur ya bi, da asid ɗin da kwalaben da komai, amma babu samfur a ciki. Ƙarin ma'auni bai ɗauke maka shi ba. Idan asid ɗinka na ɗauke da ɗan jan ƙarfe, yana cikin duk kwalabe biyar, kuma zai shiga amsarka kamar na samfur.

Akwai wata 'yar dabara a wajen cirewa. Holoko ba shi da gishirin samfur, saboda haka ba a danne siginarsa ba. Idan ka cire siginarsa kai tsaye daga ta samfur, ka cire fiye da kima. Abin da ya fi shi ne ka mayar da siginar holoko zuwa miligiram da layin da ya dace da shi, sannan ka cire miligiram daga miligiram. Idan holoko ƙarami ne ƙwarai bambancin ba zai taka kara ya karya ba, amma a kusa da iyakar ganewar na'ura yana da tasiri.

Yaya zan faɗi girman shakkar da ke cikin amsata?

Akwai ƙa'ida ta musamman, domin wadda ake amfani da ita a layin yau da kullum ba ta dace da jan layi baya ba:

```
s(Cx) = (sy / m) × √( 1/n + ȳ² / (m² × Σ(x − x̄)²) )
```

A Excel `STEYX` ke ba da sy, wato warwatsuwar ɗigogi a gefen layi. A misalinmu sy kusan 0.0011 ne, n biyar, matsakaicin sigina 0.210, jimlar da ke ƙasa kuma 10. Sakamakon 0.022 ne. Da ɗigo biyar, lambar t a matakin amincewa na kashi 95 ita ce 3.18, sai a ninka, a sake ninkawa da biyar na tsarmawa. Amsar da za a rubuta ita ce 7.56 ± 0.35 miligiram a lita.

Wannan kusan kashi biyar ne cikin ɗari, daga ɗigogin da a ido kamar an ja su da rula. Farashin hanyar kenan: ta rage maka kaucewa daga gaskiya, ta ƙara maka warwatsuwa. Kuma wannan 0.35 warwatsuwar ɗigogi kaɗai take aunawa. Ba ta ƙunshi siginar bayan fage ba, ba ta ƙunshi lanƙwasa ba, ba ta ƙunshi kuskuren da ke cikin ruwan ma'aunin ba. Idan ma'auninka ya gaza da kashi biyar saboda ya tsufa, kai kuma ka lissafa shi a matsayin cikakke, amsarka za ta wuce gaskiya da kusan wannan kason.

Layina ya miƙe, na gyara bayan fage, amma amsa ta saɓa wa ta samfurin da aka tabbatar. Me ya rage?

Ka tambayi kanka ko abin da ka ƙara da abin da ke ciki siffarsu ɗaya ce. Hanyar ta ɗauka cewa su biyun za su yi hali iri ɗaya, kuma ba kullum ba ne. Ma'auni na zuwa a sake, narkakke a cikin asid. Na asali kuwa wataƙila yana ɗaure da furotin ko manne da ƙananan ƙwayoyin laka. A awon asanik ta hanyar mayar da shi iska, As(III) ya fi As(V) saurin amsawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake mayar da duka zuwa As(III) kafin a fara. Idan samfur na da ɗaya ka ƙara ɗayan, layinka zai yi kyau, amsar kuma ta zama ta banza.

Lokacin ƙari ma yana da nasa. Idan ka ƙara bayan an narkar da samfur, abin da ke faruwa a na'ura kaɗai ka gyara. Idan ka ƙara kafin narkarwa, ka haɗa har da asarar da ake yi a hanya, amma kowace kwalba sai ta bi duk matakan ita kaɗai. Ga ƙasa ko wani busasshen abu, ko wannan bai isa ba, domin ma'aunin da ka zuba a sama yana fita cikin sauƙi, na asali kuwa yana can cikin ƙwayar.

Abu na ƙarshe shi ne katsalandan da ƙarfinta ya dogara da yawan sinadarin kansa. Fosfet yana ɗaure kalsiyam a harshen wuta, ya hana shi ba da sigina a 422.7 nm. Idan fosfet ɗin kaɗan ne, kalsiyam da kake ƙarawa zai iya fin ƙarfinsa, sai ɗigogin ƙarshe su samu dannewa ƙasa da ta farko. A irin wannan ana zuba lantanam a duk kwalaben don ya kama fosfet ɗin, maimakon a bar wa ƙarin ma'auni aikin shi kaɗai.

Ina da samfur hamsin. Kowane sai na yi masa kwalabe biyar?

A ƙa'ida layin samfur ɗaya nasa ne shi kaɗai, wanda ke nufin kwalabe 250. Idan samfuran iri ɗaya ne da gaske, ka yi cikakken ƙari a kan uku ko huɗu, ka kwatanta hawansu. In sun dace, za ka iya amfani da wannan hawan ga sauran, kana yi wa wasu ƙari ɗaya lokaci-lokaci don tabbatarwa. In sun bambanta, babu gajeriyar hanya ta nan.

Kafin ka kai ga haka ka duba ko tsarmawa za ta wadatar, domin ita ce mafi arha idan na'urarka na iya ganin abin da ya rage. Idan ka san abin da ke cikin gaurayen, kana iya haɗa ma'auninka a cikin irinsa, misali ruwa mai gishiri daidai da na samfur. A ICP da LC-MS kuma an fi dogara da ma'aunin ciki, wato wani sinadari dabam mai hali irin na wanda ake nema, da ake zubawa daidai a kowane samfur da kowane ma'auni. Ƙarin ma'auni ya fi dacewa ne inda samfuran kaɗan ne, gaurayensu ba a san shi ba ko yana canzawa daga wannan zuwa wancan, kuma ba za a iya samun irinsa wanda ba shi da sinadarin da ake nema ba.